Satifiket ɗin ISO 22000 ga mai sana'ar ƙuli-ƙuli: yaushe kwalliya ke biyan kuɗin sabulu?

«Ina da ƙaramar masana'antar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a Zariya, ma'aikata tara, kuma ƙuli-ƙulina yana da lambar NAFDAC. Muna fitar da katan 300 a wata, ina sayar da katan naira 18,000, ribata a kai kamar 2,500. Wani babban kanti mai rassa a Abuja ya ce zai iya ɗaukar katan 200 duk wata, sai dai manajan sayayyarsu ya tambaye ni ko ina da satifiket na inganci. Wani mai ba da shawara ya ce in kawo naira miliyan 3.5 zai samo min ISO 22000 cikin wata ɗaya. In biya, ko in haƙura?»

Hajiya, kada ki biya yanzu. Kada kuma ki haƙura da cinikin, domin ina ganin za ki iya samunsa ba tare da wannan takarda ba. Na yi shekaru ina aikin kula da ingancin abinci a masana'antu a Kano, daga baya na koma taimaka wa ƙananan masu sarrafa abinci su shirya wa masu bincike, kuma abin da na fi gani shi ne mutum ya sayi takardar da mai sayen kayansa bai nema ba, ko ya sayi wadda aka nema amma ya gano cewa kuɗin takardar shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da zai kashe.

Wace takarda manajan yake nufi?

Kalmar satifiket a bakin manajan sayayya tana ɗaukar abubuwa da yawa, kuma ba kowane manaja ne ya bambance su ba. Akwai abin da doka ta wajabta. Rajistar NAFDAC ce ta farko, ana yin ta ga kowane kaya daban, tana ɗaukar shekara biyar kafin a sabunta. Kin ce ƙuli-ƙulinki yana da lamba, to lambar ba ta rufe man gyaɗar ba, shi ma sai da tasa. Akwai kuma shaidar MANCAP da hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ke bai wa kayan da aka sarrafa a cikin gida. Waɗannan ba a lissafa musu riba ko asara, domin sai da su sana'ar take halal a idon hukuma.

Sannan akwai na ganin dama, waɗanda kasuwa ce ke neman su. HACCP, wanda 'yan aiki ke kira hasaf, tsari ne na zama a bi kaya tun daga shigowar buhu har zuwa rufe katan, a gano inda cutarwa za ta iya shiga, a sa mata iyaka, a riƙa aunawa ana rubutawa. An fara shi a Amurka a shekarun 1960 don abincin 'yan sama jannati, yana da ƙa'idoji bakwai, kuma mutum zai iya aiki da shi ko babu wanda ya ba shi takarda a kai. ISO 22000, wanda ya fito a 2005 aka sabunta shi a 2018, ya ɗauki wannan tsarin ya ɗora masa tsarin gudanarwa: binciken cikin gida, zaman shugabanni don duba aiki, adana takardu, bin diddigin gyara. A samansa akwai FSSC 22000 da BRCGS, waɗanda ƙungiyar manyan kamfanonin abinci ta duniya, GFSI, ta amince da su. ISO 22000 shi kaɗai ba ya cikin waɗanda GFSI ta amince da su. Wannan ya shafe ki kai tsaye, domin idan burinki nan gaba shi ne sayar wa babban kamfanin ƙasa da ƙasa ko kantunan Turai, za ki iya kashe miliyoyi a kan ISO 22000 a ce miki ba shi ake nema ba. Idan kuwa kantin Abuja ne kawai, mai yiwuwa ya yi wa abin da suke nema yawa.

Don haka aikin farko ba ya cin ko sisi. Ki rubuta wa manajan, ki roƙe shi ya aiko miki da takardar sharuɗɗan da suke bai wa masu kawo musu kaya. Ki tambaye shi abu uku a fili: wace takarda ce da sunanta, shin sharaɗin shiga ce ko dai abin so ne, kuma idan babu ita za su yarda su turo mutuminsu ya duba wurinki? A kantuna da otal-otal ɗin da na yi hulɗa da su a ƙasar nan, amsar da ta fi dawowa ita ce lambar NAFDAC, rajistar kamfani, sakamakon gwajin kaya daga ɗakin gwaji, lambar da na'urar kanti ke karantawa a jikin leda, ranar sarrafawa da ranar ƙarewar wa'adi, sai shaidar cewa likita ya duba ma'aikata. Wasu sukan ƙara da cewa za su zo su gani da idonsu. Waɗanda suka tsaya kai da fata a kan ISO ba su da yawa, kuma galibi masana'antu ne da ke sayen kayan mutum su zuba a nasu. Idan manajan ya kasa rubuta miki sunan takardar, biyan miliyan 3.5 ya zama cinikin biri a sama.

Maganar wata ɗaya

Alkawarin wata ɗaya shi ya fi tsaya min a rai. Satifiket na gaskiya yana da hanyar da yake bi. Sai an rubuta tsarin, an horar da ma'aikata, an yi aiki da shi har takardun aune-aune sun taru, kuma masu bincike sukan so su ga na kamar wata uku. Sai an yi binciken cikin gida, shugabanni sun zauna sun duba sakamakonsa. Sannan kamfanin ba da shaida ya zo mataki na farko, ya duba takardu da shirin wuri, ya koma, ya dawo mataki na biyu ya tsaya a kan aiki yana gudana. Abin da ya samu na kuskure sai an gyara, an nuna masa shaidar gyaran. Ƙaramar masana'antar da ta fara daga tushe, ban taɓa raka wadda ta gama wannan da gaske cikin ƙasa da wata shida ba, kuma wasu sun kai shekara.

Akwai wata ƙa'ida kuma da ya kamata ki riƙe: wanda ya koya miki tsarin ba shi ne zai ba ki takardar ba. Mai ba da shawara daban, kamfanin ba da shaida daban, kuma shi kansa kamfanin ba da shaidar sai wata hukumar tantancewa ta amince da shi, kamar NiNAS a Najeriya ko UKAS a Birtaniya. Ƙungiyar ISO da ke Janeba rubuta ƙa'idoji take yi, ba ta bai wa kowa satifiket. Na taɓa zuwa wata masana'antar garin yaji, mai gidan ya ɗauko min takarda daga bango, an sa mata gilashi da firam mai ruwan zinare, ga tambura har uku. Ya biya kuɗi masu yawa, ba wanda ya taɓa taka wurinsa, hotuna kawai aka ce ya tura ta waya. Da ya aika wa kamfanin da yake nema, jami'arsu ta nemi lambar takardar a shafin hukumar tantancewa ba ta same ta ba, daga nan maganar cinikin ta mutu. Abin ya yi min ciwo, domin yajinsa mai kyau ne, wurinsa kuma da gyara kaɗan zai wuce bincike. Ki tambayi mutumin naki sunan kamfanin da zai ba da shaidar da hukumar da ta tantance shi, sannan ki nemi farashi daga kamfanin da kanki, a rubuce, na shekara uku cif.

Lissafin shekara uku

Na ce shekara uku domin tsawon ran satifiket ɗin ke nan. A shekara ta biyu da ta uku masu bincike suna dawowa duba ko ana kan tsari, kowane zuwa da kuɗinsa, har da kuɗin motarsu da masaukinsu. Bayan shekara uku a sake babban bincike. Wanda ya kasa biyan kuɗin dawowar, ana dakatar da takardarsa. Saboda haka lissafin da ya tsaya a kan miliyan 3.5 bai kama hanya ba.

Bari mu yi shi da alƙaluman da kika bayar. Inda babu naki zan sa nawa na misali, ke kuma ki cire su ki sa na gaskiya idan kin karɓo farashi. Shekarar farko miliyan 3.5. Dawowar masu bincike sau biyu, mu ce miliyan ɗaya-ɗaya, miliyan 2 ke nan. Gyaran wuri, mu ce miliyan 2.5: raba inda ɗanyar gyaɗa ke shiga da inda soyayyen ƙuli-ƙuli ke hucewa, raga a tagogi, wurin wanke hannu a bakin ƙofa, daɓe mai wankuwa, katakon ɗora buhu don kada ya taɓa ƙasa, tebur na ƙarfen da ba ya tsatsa a madadin na katako. Sai wanda zai riƙe tsarin, domin ISO 22000 yana da takardu da yawa, ke kuma kina kasuwa kina banki. Albashin naira 100,000 a wata ya kama miliyan 3.6 a shekara uku. Gwajin kaya a ɗakin gwaji, 60,000 a wata, miliyan 2.16. Idan aka haɗa da ƙananan abubuwa irin su daidaita sikeli da ma'aunin zafi da duba lafiyar ma'aikata, kin tasam ma miliyan 14. A raba shi wata 36, kusan naira 390,000 ne duk wata.

Yanzu ɓangaren shiga. Ribar 2,500 da kike samu a katan ta 'yan sari ce da ke zuwa ƙofarki da kuɗi a hannu. Babban kanti zai nemi ragi, ke za ki kai kaya Abuja, kuma abin da wa'adinsa ya ƙare a kan kanta ko ledarsa ta fashe sau da yawa ke ake mayar wa. Idan ribar ta sauko zuwa 1,800, katan 200 zai ba ki 360,000 a wata. Ga 390,000 na fita, ga 360,000 na shiga. Kin ƙara aikin da ya kai kashi biyu cikin uku na wanda kike yi yanzu, kuma kina cika 30,000 daga aljihu kowane wata. Sai kin kai katan 217 kafin ki dawo daidai.

Akwai kuma abin da ba ya fitowa a lissafin riba amma shi ke karya ƙananan masana'antu, wato jiran kuɗi. Manyan kantuna ba sa biya a ranar da aka sauke kaya. Idan sharaɗinsu kwana 60 ne, kafin kuɗin farko ya shigo kin kai musu katan 400, kayan naira miliyan 7.2. Gyaɗar da mai da leda da albashi duk kin biya. Idan wannan ya zo daidai da kaka, lokacin da ya kamata ki sayi gyaɗa da araha ki ajiye, sai ki ga miliyan 3.5 ɗin da kika ba mai shawara su ne ainihin kuɗin da kike buƙata. Ki tambayi kwanakin biya tun kafin ki tambayi komai.

To a sake lissafin ba tare da takardar ba, amma da aikin. Gyaran wuri yana nan, miliyan 2.5. Gwaji yana nan, miliyan 2.16. A maimakon ɗaukar sabon ma'aikaci, ki zaɓi mai natsuwa a cikin taran nan wadda ta iya rubutu da lissafi, a horar da ita, ki ƙara mata 30,000 a wata, miliyan 1.08. Ki biya wanda ya san aiki kamar 600,000 ya zauna da ku ku rubuta tsarin HACCP na ƙuli-ƙulinki. Da ƙananan abubuwan nan, kusan miliyan 6.6 ne, wato 183,000 a wata. Katan ɗari da biyu ya biya wannan, kuma odar katan 200 za ta bar miki kusan 177,000 duk wata.

Bambancin da ke tsakanin lissafin biyu, miliyan 7.4, shi ne ainihin farashin satifiket ɗin a wurinki. A katan, kusan 114 ne a wata. Ma'anarsa, takardar za ta fara biyan kanta ne ranar da ta kawo miki cinikin da ya haura katan 114 duk wata wanda ba za ki same shi ba sai da ita. Idan kantin Abuja zai karɓi kayanki da gwaji da ziyara, katan ɗinsu 200 ba ya cikin wannan lissafi, domin ba takardar ce ta kawo shi ba.

Abin da mai saye ke tsoro a gyaɗa

Na bar gyaran wuri da gwaji a lissafi na biyu da gangan, kuma ina so in daɗe a nan, domin a sana'ar gyaɗa akwai haɗari guda da ya fi sauran, kuma shi ne duk mai saye da ya san aikinsa yake tunani. Sunansa afilatoksin, guba ce da wata fumfuna ke haifarwa a gyaɗa da masara. Tana kama gyaɗa tun a gona idan fari ya same ta gab da girbi, ko a ajiya idan an zuba ta a buhu ba ta gama bushewa ba. Tana lalata hanta, tana cikin sanannun abubuwan da ke kawo sankarar hanta, kuma yara suna yawan cin ƙuli-ƙuli. Suya tana rage ta kaɗan amma ba ta kashe ta. Abin da ya sa lamarin ya fi tsanani a sana'arki shi ne, idan an matse mai, mafi yawan gubar tana zama ne a tunkuza, tunkuzar kuwa ita ce ƙuli-ƙulin.

Iyakokin da aka sa ƙanana ne ƙwarai. Tarayyar Turai ba ta yarda gyaɗar da za a ci kai tsaye ta wuce maikirogiram 4 a kilo ba, Amurka kuma 20. Ƙwayoyi kaɗan masu cutar sun isa su ɓata buhu, kuma ba a rarrabe suke daidai ba, wani buhun babu komai, na kusa da shi ya yi yawa. Shi ya sa ɗibar hannu ɗaya daga buhun da ke bakin ƙofa a kai gwaji ba ya nuna komai. Ana ɗiba ne daga buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasa, a haɗa, a niƙa, a gauraya, sannan a cire abin da za a gwada. Ki kai ɗakin gwajin da ke da tantancewar ISO 17025, domin sakamakonsa ne babban mai saye zai yarda da shi.

Satifiket ba ya cire wannan guba daga kaya. Abin da ke rage ta aiki ne na hannu da ido. Ki sayi ƙaramar na'urar auna laima, kada ki karɓi ɓararriyar gyaɗar da ta wuce kashi 8 cikin ɗari. Ki san daga wa kike saye, ko a Dawanau ne ko a kasuwannin ƙauye, kuma ki guji gyaɗar da aka yayyafa wa ruwa don ta yi sauƙin ɓarewa ko ta ƙara nauyi. Idan kina da manoman da kike saye a hannunsu kai tsaye, akwai Aflasafe, maganin rage wannan guba da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, ana watsa shi a gona kafin gyaɗa ta yi fure. Sai tsinta. A wata masana'anta da na yi aiki da su, mun sa mata huɗu a tebur mai haske, ana zuba gyaɗa shimfiɗa ɗaya bayan an soya an murje ɓawon, domin a lokacin ne tabon ke fitowa. Suna cire yamutsattsiya, da mai baƙin ciki, da wadda ƙwaro ya huda, da mai launin ƙasa-ƙasa. Kowane buhu ana auna abin da aka cire a rubuta. Cikin 'yan makonni littafin nan ya nuna mana cewa kayan dila ɗaya ne ke fitar da ninkin na sauran, muka daina saye a wurinsa. Abin da aka tsince kuma ba a mayar da shi cikin na 'yan sari, ba a bai wa kaji ko shanun tatsa, domin gubar tana bi ta fito a ƙwai da madara. Wannan asara ce ta gaske, ki sa ta a farashinki.

Abu na biyu da mai saye ke so shi ne sanin asalin kowace leda. Ga yadda mai bincike ke gwada shi. Zai shiga sito ya zaro leda ɗaya daga tsakiyar katan, ya karanta lambar da ke jikinta, ya ajiye a gabanki ya ce: wace rana aka soya wannan, daga waɗanne buhuna, wa ya kawo su, kuma sauran 'yan uwanta suna kantin wa? Yana duba agogo. Idan kina da littafin karɓar kaya da littafin suya da littafin fitar da kaya, kuma lamba ɗaya ta bi ta cikinsu duka, cikin awa ɗaya ko biyu kin amsa. Idan babu, ranar da aka samu matsala a leda ɗaya sai an janye kayanki gaba ɗaya daga kowane reshe. Littattafai uku na makaranta da biro sun isa a fara wannan gobe.

Amma a cika su a kan lokaci. Mai bincike da ya ƙware yana gane takardun da aka zauna aka cika dare ɗaya: biro ɗaya, hannu ɗaya, zafin mai lamba ɗaya tun daga farkon wata har ƙarshe, takarda fes babu ɗigon mai. Littafin gaskiya yana da maiƙo a gefe, yana da ranar da aka rubuta cewa laima ta yi yawa an mayar da buhu shida. Irin wannan shafin ne ke sa a yarda da sauran.

Inda zan ce ki biya

Akwai yanayin da amsata za ta canza. Idan manajan ya rubuto cewa ISO 22000 sharaɗi ne, kuma suna shirye su sa hannu a kan yarjejeniyar shekara da adadin katan a ciki, to ki koma lissafin farko ki ga ko za ki iya ɗaga farashi ko adadi har ya haura 217 da tazara mai kyau. A irin wannan hali ma yawancin masu saye sukan karɓi wasiƙa daga kamfanin ba da shaida da ke nuna an fara aiki da ranar da za a zo bincike, su fara karɓar kaya kafin takardar ta fito. Ki nemi wannan. Haka kuma idan masu saye biyu ko uku daban-daban suka ambaci takarda iri ɗaya, kasuwar ce ke magana, kuma nauyin ba zai rataya a wuyan ciniki ɗaya ba. Dogaro da mai saye guda don biyan kuɗin shekara uku yana da haɗari, domin manajoji suna canzawa, kantuna kuma suna rufe rassa.

Idan fitar da kaya waje kike hange, lissafin wani ne daban. Can takarda kan zama ƙofar shiga, amma mai sayen ne zai faɗi wacce, kuma ba ta hana a gwada kaya a tashar jiragen ruwa a mayar da su. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya, kuma haramcin ya hau kan mai takarda da marar takarda. Kafin ki kashe naki, ki leƙa ofishin hukumar bunƙasa fitar da kaya, NEPC, domin ta taɓa ɗaukar nauyin satifiket irin su HACCP da ISO 22000 ga ƙananan masu fitar da kaya, ki tambaya ko akwai zagayen da ke buɗe. Akwai kuma matsakaiciyar hanya, wato satifiket na HACCP kaɗai daga kamfanin da aka tantance. Ya fi ISO 22000 sauƙin kuɗi da takardu, kuma duk aikin da kika yi dominsa zai shiga cikin ISO ɗin idan lokacinsa ya zo. Ki lura da abin da aka rubuta a jikin kowace takarda, domin tana ambatar wuri da kaya. Wadda aka ba ƙuli-ƙuli a ginin da kike yanzu ba za ta bi ki sabon gini kai tsaye ba, don haka idan kina shirin tashi nan da shekara ɗaya, ki jira.

Ban ga wurinki ba, Hajiya, kuma adadin da ya fi iya sauya duk wannan lissafi shi ne na gyaran gini. Idan ɗanyar gyaɗa da soyayyen kaya suna bi ta ƙofa ɗaya, ko ana suya da itace a fili kusa da inda ake ɗaurin leda, miliyan 2.5 ba za ta isa ba. Don haka kafin komai ki biya wani wanda ba shi da takardar da zai sayar miki ya zo ya yi yini ɗaya yana zagayawa, ya rubuta miki abin da ya rage tsakaninki da ƙa'ida, da kuɗin kowanne. A makon nan kuma ki aika wa manajan wasiƙar nan, ki ɗebi samfur daga suya uku daban-daban ki kai gwajin afilatoksin. Idan sakamakon ya fito da kyau, ki haɗa kwafinsa da na NAFDAC ki kai masa da hannunki, ki gayyace shi Zariya, ki nemi a fara da katan 50 a rassa biyu na wata uku. Idan bai fito da kyau ba, kin san inda kuɗinki na farko za su tafi: na'urar auna laima, teburin tsinta, da sauya wanda ke kawo miki gyaɗa, sannan ki sake gwaji bayan suya uku.